Na ɗaga masa ƙafa sau ɗaya: ko har yanzu zan iya karɓe Adaidaita Sahuna?

Barista, barka da aiki. Da kuɗin sallamata na sayi Adaidaita Sahu na ba wani yaro a kan naira 5,000,000, zai riƙa kawo 50,000 duk Juma'a har mako 100, in ya gama ta zama tasa. Takardarmu ta ce in ya yi jinkirin kwana 7 ina iya soke yarjejeniyar, in ɗauke abina ko a cikin gidansa yake, ko nawa ya biya. A mako na 31 ɗansa ya kwanta asibiti, ya makara kwana 10. Na karɓa, har na tura masa saƙon murya na ce ba komai, duk sanda ya samu ya kawo. Ya biya mako 56. Yau kwana 12 ke nan ban ga kuɗin mako na 57 ba. Akwai sharaɗi a takardar cewa sassaucina ba ya zubar da haƙƙina, da wani kuma cewa in wani sharaɗi ya ɓaci sauran suna nan. Shin in tura a ɗauko mini ita?

Ɗan fansho, Kano

Malam, kada ka tura kowa tukuna. Wasiƙa za ka fara turawa, kuma a makon nan.

Kuɗin da ka karɓa a mako na 31 ya rufe maganar wancan jinkirin har abada. Ranar da kwana bakwai suka cika, doka ta ajiye maka hanya biyu a gabanka: ko ka soke, ko ka ci gaba. Kana sane da jinkirin, kana sane da ikon da takarda ta ba ka, ka karɓi kuɗi, ka kuma karɓi na makon da ya biyo baya da na bayansa. Ka zaɓi ci gaba ke nan, kuma irin wannan zaɓi ba a janye shi. Ba sai ka furta da baki ba, aikinka ya wadatar. Kotun Ƙoli ta Nijeriya ta yi dogon bayani a kan sarayar da haƙƙi a shari'ar Ariori da Elemo a 1983, kuma ginshiƙin maganar shi ne mutum ya san yana da haƙƙin, sannan ya bar shi da son ransa. Duka biyun sun tabbata a kanka. Don haka in kun je gaban alƙali, kada ka ɗauko jinkirin mako na 31 a matsayin dalilin sokewa.

Iyakar abin da ka rasa ta wannan fuska ke nan. Ko sisi bai ragu daga bashinka ba, domin barin ikon sokewa daban, yafe kuɗi daban. Kuma karɓa sau ɗaya, ita kaɗai, ba ta goge ranar Juma'a daga takarda. Da ka yi shiru ka karɓa, da sai in ce raunin kaɗan ne.

Saƙon muryar ne ya fi damuna. Ka sake sauraron sa da kunnen lauyan da yaron zai ɗauka. Kai makon rashin lafiya kake nufi, na sani. Amma "duk sanda ka samu ka kawo" ba shi da rana, ba shi da iyaka, bai ce wannan karon kaɗai ba. Sashe na 169 na Dokar Shaida ta 2011 ya tanadi cewa wanda ya sa wani ya gaskata wani abu da gangan, ta hanyar furuci ko aiki ko yin shiru, har wancan ya yi aiki da abin da ya gaskata, ba a barinsa ya musanta a shari'a tsakaninsu. Akwai kuma tsohuwar ƙa'idar adalci da kotunanmu suka gada daga Ingila, wadda ta ce in ka nuna wa abokin yarjejeniya ba za ka tsananta a kan wani sharaɗi ba, ya sakankance a kan haka, ba za ka juyo masa kwatsam ba. Yaron zai ce maigida ne da bakinsa ya ɗage masa maganar kwana bakwai, shi ya sa da kuɗi suka zo ya fara gyaran inji. Saƙon waya kuwa yana shiga shaida in an cika sharuɗɗan sashe na 84 na dokar nan. Ban ce lallai zai yi nasara da wannan hujja ba. Alƙali zai duba yanayin da aka yi maganar, zai ga cewa makonni ashirin da biyar bayan nan yaron bai sake haura kwana bakwai ba, wanda ke nuna shi ma ya san sharaɗin na nan da ransa. Wannan hujja ce mai kyau a wajenka. Sai dai ta gardama ce, kuma wanda ya ɗauke abin hawa a kan hujjar da ake iya kayarwa, in ta faɗi shi ake bi diyya.

Za ka ce ai takarda ta riga ta ce sassauci ba ya zubar da haƙƙi. Ta faɗa, kuma yana da amfani: yana hana a ɗauki shirunka na kwana biyu ko uku a ce ka yafe, yana kuma sa ya yi wa ɗaya ɓangaren wuya ya ce sassaucin jiya ya shafi gobe. Abin da ba ya iyawa shi ne ya goge abin da ka aikata bayan an sa hannu. A Ingila an yi wata shari'a tsakanin kamfanin Tele2 da hukumar gidan waya ta ƙasar, Post Office, a kan katunan kiran waya. An wajabta wa Tele2 ya kawo takardun lamuni daga uwar kamfaninsa kafin 24 ga Disamba 2003, bai kawo ba, kuma wannan ya ba gidan waya ikon sokewa. Gidan waya ya ci gaba da harka kamar ba abin da ya faru, sai a Disamban 2004 ya aika takardar sokewa, yana dogaro da sharaɗi irin naka. A 2009 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta ce a'a: kusan shekara guda kana aiki da yarjejeniya ba tare da ko ƙorafi ba, ka riga ka zaɓi ci gaba, sharaɗin bai hana hakan tabbata ba. Hukuncin Ingila na wannan zamani ba ya ɗaure kotunan Nijeriya, amma suna saurarensa sosai a harkar yarjejeniya, don tushen dokar ɗaya ne. In ma'aikata mai tarin lauyoyi ba ta tsira da wannan sharaɗi ba, kada ka ɗora dukan nauyinka a kansa.

Abin da zai faranta maka rai shi ne sassaucin da ya shafi gaba ana iya janye shi, in an ba da sanarwa da wa'adi mai ma'ana. Wani mutum mai suna Oppenhaim ya ba kamfanin Charles Rickards aikin ƙera gangar jikin mota ƙirar Rolls-Royce, a gama zuwa 20 ga Maris 1948. Rana ta wuce ba a gama ba, shi kuwa ya ci gaba da matsa musu su kawo, wato ya ɗage wa'adin farko da aikinsa. Da ya gaji, a ƙarshen Yuni ya rubuta musu cewa in ta wuce 25 ga Yuli ba zai karɓa ba. Ba su gama ba sai Oktoba, ya ƙi karɓa, suka kai shi ƙara. A 1950 kotu ta ba shi gaskiya. Ya sassauta da farko, amma takardarsa ta mayar da lokaci abin tsanantawa, kuma makonni huɗun da ya bayar sun isa. Hanyar da za ka bi ke nan.

Wasiƙar ba ta buƙatar dogon Turanci. Ta ƙunshi magana kamar haka:

"Ɗaga ƙafar da na yi maka a mako na 31 na wancan makon ne kaɗai, saboda rashin lafiyar ɗanka. Daga yau sharaɗin biya duk Juma'a da sharaɗin kwana 7 suna aiki yadda aka rubuta su. Yau ina bin ka 100,000, kuɗin mako na 57 da na 58. Na ba ka kwana 14 daga ranar da wannan takarda ta iso ka ka biya su, tare da na makonnin da za su faɗo a tsakani. In wa'adin ya cika ba ka biya ba, zan yi amfani da haƙƙin da yarjejeniya da doka suka ba ni. Duk kuɗin da na karɓa kafin nan ragin bashi ne, ba janye wannan sanarwa ba ne."

Ka sa kwanan wata, ka rubuta ainihin ranar da wa'adin zai cika. Ka duba takardarku ko ta faɗi yadda ake isar da sanarwa, in ta faɗa ka bi shi daidai. A kai masa hannu da hannu gaban shaida, ya sa hannu a kwafinka, sannan ka ɗauki hotonta ka tura masa ta waya. In yarjejeniyar da Turanci take, a yi wasiƙar da Turanci da Hausa, kada gobe a ce bai fahimta ba. Na ce kwana 14 ne saboda mai biyan mako-mako da ke bin hanya kullum yana iya haɗa wannan kuɗi a mako biyu in da gaske yake. Kwana biyu zai yi kama da tarko, kuma alƙali yana gane tarko.

Bayan wasiƙar sai ka kiyaye bakinka da wayarka. Yawanci a nan ake ɓata aiki. Yaron zai zo da kawunsa ko limamin unguwarsu, a gaisa, a ba ka haƙuri, kunya ta sa ka ce "Allah Ya rufa asiri, ku je kawai". Ka rushe wasiƙarka ke nan. In za ka ƙara masa lokaci, ka ƙara, ba laifi ba ne, addini ma ya yi umarni a jinkirta wa wanda ke cikin ƙunci, kamar yadda ya yi umarni a rubuta bashi da wa'adinsa. Amma ka faɗi rana, ka rubuta ta, ka ce wannan karon ne kaɗai. In kuma akwai wanda ya tsaya masa, shi ma ya sa hannu a sabon wa'adin. Mai bin bashi da ya ƙulla sabon alkawarin ƙarin lokaci da wanda yake bi ba da yardar mai lamuni ba, yana iya wayar gari ya ga mai lamunin ya kuɓuta. Haƙuri kawai ba tare da ƙulla alkawari ba ba ya jawo haka, amma gara a toshe ƙofar.

Haka in ka ji alat cikin dare, ya turo 30,000 ba tare da ya gaya maka ba. Shigar kuɗi asusunka ba yardarka ba ce, tunda ba kai ka jawo su ba. Yin shiru a kansu kwana da kwanaki shi ne ake fassarawa da yarda. Da gari ya waye ka rubuta masa: na ga 30,000, na cire daga bashi, saura kaza, wa'adi yana nan. Kuma ka sani wannan magana ta "ban bar haƙƙina ba" ba a yin ta har abada. In wa'adi ya cika bai biya ba, dole ka yanke shawara cikin 'yan kwanaki. Wanda ya ci gaba da karɓar kuɗin sababbin makonni wata da watanni yana maimaita cewa bai yafe ba, aikinsa ya ƙaryata bakinsa, kuma kotu aiki take dubawa.

Yanzu ga inda takardarka ta fi rauni, kuma ba ka tambaye ni shi kai tsaye ba. Irin wannan ciniki na a riƙa biya har a mallaka yana ƙarƙashin dokar tarayya ta haya da saye ta 1965, wadda ta shafi duk abin hawa mai inji ko nawa ne kuɗinsa. Sashe na 3 na dokar ya ce duk sharaɗin da ya ba mai kaya ko wakilinsa izinin shiga wani gida ko fili don ɗauke kayan, sharaɗin banza ne. Sa hannun yaron bai halatta shi ba. Saboda haka kalmomin nan na "ko a cikin gidansa yake" matattu ne tun ranar da aka rubuta su, kuma duk wanda ka tura ya kutsa gidan mutane, kai da shi za ku amsa.

A nan ne sharaɗinka na biyu, mai cewa in wani sharaɗi ya ɓaci sauran suna nan, yake aiki, sai dai ba yadda mutane da yawa suke zato ba. Ba ya rayar da sharaɗin da ya mutu. Aikinsa shi ne ya hana mataccen ya ja sauran zuwa kabari. Alƙali zai ja layi a kan kalmomin da suka saɓa wa doka, ya karanta abin da ya rage. In ragowar tana da ma'ana ba tare da an ƙara ko kalma ɗaya ba, kuma cinikin bai rikiɗe ya zama wani abu daban ba, sai ta ci gaba da aiki. A takardarka, in aka soke maganar shiga gida, farashi yana nan, Juma'a tana nan, kwana bakwai suna nan, ikon sokewa yana nan. Ribarka ke nan. Abin da alƙali ba zai yi ba shi ne ya zauna ya rubuta maka sabon sharaɗi mai kyau a gurbin wanda ya soke. Wanda ya cusa sharuɗɗa masu tsauri yana cewa in sun yi yawa kotu ta rage, yakan tashi babu ko ɗaya.

Akwai kuma ɓarakar da wannan sharaɗi ba ya ɗinkewa ko kaɗan. Sashe na 2 na dokar ya buƙaci a sanar da mai haya farashin kayan na kuɗi hannu a rubuce kafin a ƙulla, takardar ta nuna farashin kuɗi hannu da na biya kashi-kashi, da adadin kowane biya da ranarsa, mai haya ya sa hannu, a kuma ba shi kwafi cikin kwana 14. In an tsallake waɗannan, matsalar ba ta sharaɗi ɗaya ba ce da za a yanke a jefar, ikonka na tilasta yarjejeniyar gaba ɗaya ne yake cikin haɗari, ko da yake kotu tana iya ɗaga ƙafa a wasu in ta ga ba a cutar da mai haya ba. Ka buɗe takardarka yau ka duba ko an rubuta nawa ka sayi Adaidaitar. Takardun da ake bugawa a shagon kwamfuta sau da yawa jimillar kuɗi kawai suke ɗauka.

Sai kalmomin "ko nawa ya biya". Su ma suna da ranar mutuwa, kuma ta kusa. Sashe na 9 ya ce in mai hayar abin hawa ya biya kashi uku cikin biyar na jimillar kuɗin, mai shi ba zai karɓe ba sai ta hanyar kotu. Kashi uku cikin biyar na 5,000,000 shi ne 3,000,000. Yaronka ya biya 50,000 sau 56, wato 2,800,000. Saura 200,000, biya huɗu. In da ya ba da wani kuɗi a farko, shi ma ana lissafawa da shi, ka ga tazarar ta ƙara raguwa. Hukuncin wanda ya ƙwace bayan an haura wannan layi mai zafi ne: yarjejeniya ta ƙare, mai haya ya kuɓuta daga sauran bashi, kuma yana da ikon ya nemi a dawo masa da duk abin da ya biya. Wato ka riƙe Adaidaitar da ta sha hanya fiye da shekara, ka amayar da miliyan uku. Sassauci ɗaya da dokar ta yi wa masu abin hawa shi ne, in biya uku ko fiye suka taru ba a biya ba, mai shi yana iya ɗauke shi ya ajiye a wurinsa don kada ya lalace, har kotu ta yanke hukunci. Ajiya ce, ba sayarwa ba, ba kuma miƙa wa wani direba ba, kuma in ya lalace a hannunka kai ne da alhaki. Ba na ba ka shawarar ka taɓa wannan hanya sai lauya ya shigar da ƙara.

Ka lura da yadda lissafin ya faɗo. Cikin kwana 14 na wasiƙarka, Juma'a biyu za su wuce, mako na 59 da na 60. In yaron ya cika duk abin da ka nema, 200,000 zai kawo, ya tsaya daidai kan 3,000,000. Daga ranar, hannunka ya fita daga ɗauke Adaidaita da kanka, sai kotu. Na san wani zai raɗa maka cewa to ka yi sauri ka ɗauke yanzu, ko ka ƙi karɓar kuɗin don kada ya kai layin. Ban yarda da wannan shawara ba. Ɗaukewa yanzu tana nufin ka dogara da sharaɗin da saƙon muryarka ya raunana, a kan mutumin da ya biya fiye da rabi, kuma duk alƙalin da ya ga ka ƙi kuɗin da aka miƙo maka ana saura ƙiris zai san dalili. Ban da haka, kai ba Adaidaita kake nema ba, 2,200,000 da suka rage kake nema, kuma wanda ya riga ya zuba 2,800,000 ya fi kowa son ya ƙarasa. 'Yan sanda ma ka bar su: Dokar 'Yan Sanda ta 2020 ta hana kama mutum a kan saɓa yarjejeniya kawai.

In wa'adin ya cika bai kawo ba, yana nan ƙasa da layin, kuma ka tabbatar takardarka ta cika sharuɗɗan sashe na 2, sai ka aika wasiƙa ta biyu ta sokewa, ka ambaci ta farko da ranarta, ka nemi ya kawo Adaidaitar wuri kaza rana kaza. Daga ranar kada ka karɓi kuɗin wani sabon mako, bashin baya kaɗai. In ya ƙi kawowa, ka je kotu da yarjejeniyar, da wasiƙun biyu, da bayanin asusunka na banki, da littafin da kake rubuta biyansa. Saƙon muryar ma ka kai wa lauyanka ya saurara tun farko, kada ya fara jin sa daga bakin ɗaya ɓangaren.

In kuwa ya biya, ku zauna da mai lamuninsa ku ƙara shafi ɗaya a takardar, kowa ya sa hannu: a cire maganar shiga gida, a gyara "ko nawa ya biya" ta dace da sashe na 9, a rubuta cewa duk ƙarin lokaci sai a rubuce da rana, kuma saƙon waya da ya ambaci rana ya isa rubutu. Tunda rashin lafiya da lalacewar inji ba sa sallama, ku ware masa makonni biyu ko uku a cikin arba'in da suka rage waɗanda zai iya ɗagawa zuwa ƙarshe in ya sanar da kai kafin Juma'a.